SQLite, MySQL ko PostgreSQL: wanne zai karɓi rajistar manomanku ba tare da ya ɓata ta ba?

A ce ƙungiyar manoma a Katsina ta tara rajistar mambobinta a Excel: suna, ƙaramar hukuma, lambar waya da kuɗin taki, ana so a zuba ta cikin rumbun bayanai. Dukan ukun nan kyauta ne. Inda suka bambanta shi ne abin da kowanne ke yi idan ya ci karo da gurɓataccen layi.

Kafin a zo nan, a gyara fayil ɗin tun daga Excel. Wanda ya adana da CSV (Comma delimited) zai tarar Ƙanƙara ta koma ?an?ara, domin tsohon tsarin haruffan da zaɓin ke bi bai san ƙ, ɗ, ɓ ba. Wannan ba ya gyaruwa, sai an koma asalin fayil an zaɓi CSV UTF-8. Amma idan Æ™ ka gani a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, ko ÆŠ a gurbin Ɗ na Ɗanmusa da makamantansu, fayil ɗin lafiya lau yake, manhajar ce ta karanta shi da tsarin da ba nasa ba. Faɗa mata UTF-8 ne, ka sake lodawa.

Lambar waya ce ke tona asirin kowanne. Ba lissafi ake yi da ita ba, don haka gurbinta TEXT ko VARCHAR ne. Idan aka sa mata INTEGER, SQLite zai cire sifirin farko na 080 bai ce uffan ba. MySQL kuwa, da LOAD DATA LOCAL, gurbin INT ba ya wuce 2147483647, sai ya mayar da wayar kowa wannan lamba ɗaya, ya bar gargaɗin da ba ka gani sai ka buga SHOW WARNINGS. A tabbata kuma teburinsa utf8mb4 ne. PostgreSQL ba ya lallashi: layi ɗaya ya saɓa, zai ƙi fayil ɗin gaba ɗaya, ya faɗi lambar layin da sunan gurbin. Ga umarnin loda fayil ɗin a psql, manhajar ba PostgreSQL umarni:

```
\copy manoma from 'manoma.csv' with (format csv, header true, encoding 'UTF8')
```

Haka zai ƙi kuɗin da aka rubuta 12,500 a gurbin NUMERIC, sai an cire waƙafin. Da farko abin na ba da haushi, amma ni shi nake so in dai akwai kuɗin jama'a a ciki.

Sakatare ɗaya da kwamfuta ɗaya, ga wutar da ba ta zama, SQLite ya ishe shi, ba sai da server ba. Wanda shafinsa ke kan MySQL ya zauna a kai, ya riƙa duba gargaɗi. Idan mutane da yawa za su riƙa shigar da bayani, PostgreSQL. Ko wanne ka ɗauka, fara gwadawa da layi ashirin da ke da ƴan Ɗandume da Ƙanƙara a ciki.