Batirin araha da na alkalin: abin da na gani a tocila, rimot da fitilar sola

Na daɗe ina sayen batirin nan mai araha da ake jerawa a teburin mai kayan koli, wanda ake sayarwa huɗu-huɗu a cikin leda, daga baya kuma na koma na alkalin da na caji. Hukuncina shi ne, mai arahar yana da wuri ɗaya ko biyu da ya dace da su, amma a tocila asarar kuɗi ne, a fitilar sola kuwa ɓarna ce tsagwaronta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda kwalinsa ke ruɗar mutane, domin a jikinsa za ka ga an rubuta Super Heavy Duty da manyan haruffa, sai mai saye ya ɗauka ya samu mafi ƙarfi, alhali kuwa shi ne na ƙasa a jerin.

Gaskiyar batir tana cikin ƙananan haruffan da ke gefensa. Wanda muke kira ɗan yatsa, wato AA, idan an rubuta masa R6, ko R6P, na tutiya da gawayi ne, mai araha ke nan. Idan an rubuta LR6, na alkalin ne. Haka abin yake ga ƙaramin da ake sa wa rimot, wato AAA: R03 mai araha, LR03 na alkalin. Babban nan na rediyo da tsohuwar tocila R20 ne ko LR20. Na caji kuwa HR6 ko HR03 ake rubuta masa, kuma za ka ga 1.2V maimakon 1.5V. Ni yanzu ba na duba launi ko hoton da ke jikin kwali, harafin L nake nema. Idan rubutun ya yi ƙanƙanta, hannu ma yana faɗa maka: ɗan yatsa na alkalin yana kai giram 23, mai araha kuwa giram 15 zuwa 17 ne, don haka idan ka ɗaga su biyun za ka ji bambanci.

Wanda ya taɓa fasa tsohon batir yana yaro don ya ciro baƙar sandar nan ta tsakiya ya riga ya san cikin mai araha. Sandar gawayi ce, an kewaye ta da baƙar hoda mai damshi, sannan an zuba su duka a cikin gwangwanin tutiya. Matsalar ita ce gwangwanin nan ba mazubi ba ne kawai, shi kansa ne abin da batirin ke ci yana ba da wuta. Duk lokacin da tocila ke kunne, tutiyar tana narkewa daga ciki, bangon yana ƙara sirancewa. Ko a ajiye yake, ruwan da ke cikinsa yana ci gaba da cin ta a hankali. Idan masu ƙera shi sun rage kaurin tutiyar don su rage kuɗi, ko sun bar shi da rigar leda ko ta takarda babu ta ƙarfe a waje, to kafin ya gama mutuwa bangon ya huje. Shi ya sa za ka matsa tsohon batir mai araha ka ji ya yi laushi, wani lokaci har ya kumbura ya maƙale a cikin tocila. Ruwan da ke fitowa mai danƙo ne, yana da ɗan tsami, kuma shi ke sa sifirin ya yi tsatsa har ya karye.

Na alkalin ma yana yoyo, kada wani ya gaya maka ba ya yi, sai dai hanyarsa daban ce. Gwangwaninsa na ƙarfe ne, tutiyar kuma gari ce a tsakiya, don haka bangon ba ya cinyewa. Abin da ke faruwa shi ne, idan ya mutu aka bar shi a cikin na'ura, iska tana taruwa a cikinsa har ta ture murfin robar da ke gindinsa, sai ruwan ya tsattsafo ta nan. Da ya haɗu da iskar waje sai ya bushe ya zama farin ɓawon nan da ake gani a kan sifirin rimot. Ruwan nan dangin kanwa ne amma ya fi ta kaifi nesa ba kusa ba, yana ƙona fata, kuma idan ya shiga ido abin asibiti ne bayan an wanke da ruwa mai yawa.

Sanin wannan bambanci ya cece mini rimot ɗin talabijin da na fanka. Farin ɓawo na alkalin ana goge shi da auduga da aka tsoma a ruwan lemun tsami ko khal. Za ka ga yana ɗan kumfa, sai ka share, ka bar wurin ya bushe sarai, sannan ka kankare ƙarfen da bakin sukudireba har ya yi haske. Yoyon mai araha kuwa, tunda shi mai tsami ne, da ɗan ruwan bakin soda ake goge shi. A sa leda a hannu, a wanke hannu bayan an gama. Idan ruwan ya bi waya ya shiga allon na'urar, yawanci sai dai a haƙura.

To, batun saurin mutuwa. A nan ne na fi ganin inda kuɗina suke tafiya. Ɗauki tocila mai ƙwai mai haske da ke jan wuta kamar 300mA, wato ma'aunin yawan wutar da take sha, daga batirin AA. Na alkalin, a irin wannan ja, yana iya ba da abin da ya kusa 1800mAh, wato ma'aunin jimillar wutar da batir ke iya bayarwa, idan ka raba da 300 ka samu awa shida. Mai araha a wannan jan bai cika wuce 500mAh ba, wato ƙasa da awa biyu, kuma tun kafin nan hasken ya fara ja ya dushe. Dalili shi ne cikinsa yana tare wuta idan aka ja da ƙarfi, sai ƙarfinsa ya faɗi alhali da saura a ciki. Wannan ne ya sa idan ka kashe tocilar ka bar ta ta huta, sai ta sake kamawa na ɗan lokaci, kuma shi ya sa mutane ke cizon batir ko su shanya shi a rana. Cizon yana ɗan motsa hodar ciki, amma yana raunana bangon da dama ya sirance, ga haɗarin ruwan a baki. Ina roƙon iyaye su hana yara wannan ɗabi'a. A lissafin da ke sama, ko da na alkalin ya ninka mai araha sau uku a farashi, ba ka yi asara ba, ga shi kuma tocilarka ta tsira.

A rimot da agogon bango labarin ya sha bamban, domin su ɗan kaɗan suke sha, kuma a irin wannan aiki mai araha yana yin watanni ba tare da matsala ba. A nan na yarda da shi, da sharaɗi ɗaya: da rimot ya fara gardama, a cire batirin a ranar. Yawancin rimot da suka lalace ba lokacin aiki suka lalace ba, sai lokacin da aka jefa su a durowa da mataccen batir a ciki.

Akwai wata ɗabi'a da nake gani a gidaje da yawa, ta canza batir ɗaya a bar ɗaya, ko a haɗa na alkalin da mai araha. A jere suke aiki, wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu duka. Idan tsohon ya ƙare, sabon yana ci gaba da tura wuta ta cikinsa ta baya, sai iska ta taru, sai ya fashe da yoyo. A canza su gaba ɗaya, iri ɗaya, daga kwali ɗaya. A kuma duba ranar lalacewa da ke gindi ko a gefe. Batirin da ya sha ranar bazara a kan tebur a bakin titi ya riga ya rasa wani kaso na ƙarfinsa kafin ya iso gidanka, kuma mai araha ya fi na alkalin jin zafin nan.

Fitilar sola kuwa tana cajin batirinta kullum da rana, don haka R6 ko LR6 ba su da wuri a cikinta ko kaɗan. Za su yi aiki na ɗan lokaci, sannan cajin zai iya sa su yoyo. Ƙananan fitilu suna amfani da HR6 ko HR03 mai 1.2V, kuma da na sa wa tawa sabo irin wanda ta zo da shi, haskenta ya dawo yana kaiwa asuba. Manyan suna amfani da batirin litiyam mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. A nan ne ƙarya ta fi yawa a kasuwa. Na sayi wasu da aka rubuta wa 9900mAh, ba su kai rabin daren da na asalin fitilar ke kaiwa ba. Na gaske a wannan girma yawanci ba ya wuce wajen 3500mAh, kuma nauyinsa giram 45 zuwa 48. Nawa da na ɗora su a sikelin kicin sun gaza haka da nisa. Duk 18650 da ya yi iƙirarin 5000mAh ko sama, a ajiye shi.

Kafin a sayi madadi, a buɗe fitilar a karanta tsohon. Wasu 3.7V ne, wasu 3.2V, girmansu ɗaya amma cajinsu ba ɗaya ba: na farko yana cika a 4.2V, na biyu a wajen 3.6V. Idan aka musanya su, ko dai batirin ba zai taɓa cika ba, ko ya sha cajin da ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma litiyam mai lamba 14500 wanda girmansa daidai da ɗan yatsa, amma 3.7V ne, idan ya shiga tocila ko rimot da aka yi don 1.5V zai iya ƙone su nan take. Idan farantin sola yana da doguwar waya, a ɗora shi kaɗai a rana a bar fitilar a inuwa, domin zafi yana tsufar da litiyam da sauri, musamman idan a cike yake.

A tocilar da ake kunnawa kowane dare idan an ɗauke wuta, abin da na tsaya a kai shi ne HR6 guda huɗu da cajarsu, biyu suna aiki biyu suna caji. Kuɗin farko yana da nauyi, kuma haskensa yakan yanke da sauri a ƙarshe ba tare da dogon gargaɗi ba, don haka ina ajiye LR6 biyu a kwalinsu saboda ranar da wuta ta daɗe ba ta zo ba. A cikin na cajin a nemi waɗanda aka rubuta suna riƙe caji idan an ajiye su, kuma a yi shakkar duk AA na caji da ya ce ya wuce 2800mAh.