Wace dabara za ka zaɓa don binciken saurin karatu a aji uku?

Malamin da zai yi ƙaramin bincike a ajinsa kan saurin karatun Hausa, dabaru uku ne aka fi tallata masa: karatun baki ɗaya, karatun zuci, da maimaita karatu. Na baki ɗaya hayaniya ce kawai, mai rauni yana ɓuya cikin muryar 'yan'uwansa yana motsa leɓe. Karatun zuci kuwa, me za ka auna a wurin yaron da bai buɗe baki ba?

Maimaita karatu, dabarar da masanin karatu S. Jay Samuels ya bayyana a 1979, ita ce ta cancanci wahalarka. Ka ware yara goma sha biyu masu tangarɗa. Kowanne ka ba shi labari mai kalmomi kamar sittin wanda bai taɓa gani ba, ka danna agogon waya, ya karanta minti ɗaya, kamar yadda ake yi a EGRA, gwajin auna karatun yaran ƙananan azuzuwa. Kai kana riƙe da kwafinka kana ja wa kuskure layi. A ce yarinya ta kai kalma ta 34, ta yi kuskure shida: makinta 28. Idan ta tsaya daƙiƙa uku a kan kalma, ka ce ta wuce gaba, ka lissafa kuskure. Idan ta gyara da kanta, daidai ne.

Daga nan sai aikin: minti goma sha biyar, kwana huɗu a mako, tsawon mako shida. Ka karanta musu labarin sau ɗaya, kowane yaro ya maimaita sau uku ko huɗu a gaban abokinsa, a sauya labari duk mako. A mako na uku ka duba takardunka. In kuskuren ya taru a kan ɓ, ɗ, ƙ da ts, matsalar ta sanin baƙi ce, sai ka gyara shirin.

Inda ake ruɗin kai shi ne awon ƙarshe. Yaranmu gwanayen hadda ne, musamman waɗanda suka saba da allo. Ka ba su labarin da suka yi ta maimaitawa, 28 ta koma 55, ka ɗauka ka yi abin kirki, alhali tilawa suka yi maka. Alamarta ido ba ya bin layi. Sabon labari za ka kawo, mai tsayi da nauyi irin na farko, ka bi shi da tambayoyi biyar. Hausa ba ta rubuta karin sauti ko tsawon wasali, don haka yaro zai iya furta "gari" da gudu bai san ko na tuwo ba ne ko na mutane.

Sannan ka kiyayi masu sayar da kammalallen bincike a shagunan kwamfuta. Nasu da gani ka gane: kowane yaro ya ci gaba, babu wanda ya yi fashi ko ranar kasuwa, kuma babu takardar awo ko ɗaya mai layin biro a jikinta.