Motarka ko kamfanin dakon kaya?

'Yan kasuwa a Yamai sun dame ni da tambaya, wai su sayi mota ko su miƙa wa kamfanin jigila kayan. Misali kana kai shinkafa Tawa, tafiyar kilomita sama da 500 ce ta Doso da Konni, in motarka ce gazuwal da direba da gyara duk a wuyanka, kuma in ta dawo ba kaya kai ka ci asarar. Kamfani kuwa kuɗin tan kawai za ka biya, amma fa ba kai kaɗai gare su ba, gab da salla sai kayanka su kwana a magaza.

Shi ya sa sai an rubuta yarjejeniya, kwana nawa kaya za su isa, nawa za a cire in an makara, wa zai biya buhun da ya jiƙe ko ya ɓata, a ƙirga wajen lodi a sake ƙirgawa wajen saukewa a sa hannu. Karɓar kuɗi da lissafin kaya da lambobin masu saye kam kada ka saki, su zauna hannunka.

Mai lodi kowane mako da kayan dawowa kamar albasar Galmi, mota ta fi masa. Mai lodi jefi-jefi ya nemi kamfani.