Janareta, kilifar caji ko sola: me mai aski zai saya a Sakkwato?

Ɗan yayata ya gama koyon aski, ya samu shago a Mabera, ya zo da jerin abin da zai saya. Janareta ya rubuta a farko. Na ce ya zauna mu yi lissafi tukuna, don tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin nan ne ke yanke wa mai aski ribarsa, ba kuɗin haya ba.

Kuɗaɗen da zan kawo misali ne, kowa ya sa na unguwarsa. A ce kai ɗaya naira 500, ana samun kai 15 a rana, kwana 26 a wata. Ciniki ya kama 195,000. Haya 120,000 a shekara, wato 10,000 a wata. Wasa bakin kilifa, man shafa mata, sifirit, hoda da reza, a ba su 8,000. Saura 177,000 kafin a yi zancen wuta.

Zaɓi na farko shi ne abin da aka saba: kilifa mai waya da ƙaramin inji irin Tiger, wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur. Kilifar na da ƙarfi, tana cin gashi mai tauri, tana kuma shekaru. Matsalar ita ce abin da take ja na wuta bai fi na ƙwan fitila ba, amma sai an tada inji sukutum dominta. Injin na shan kusan rabin lita a awa, ko akwai kai a kujera ko babu. Awa 6 a rana lita 3 ke nan, 78 a wata. In lita na 1,000, ga 78,000 ta tafi, a ƙara 7,000 na baƙin mai, fulogi da wanke kabireta. Riba ta dawo 92,000. Wato kullum kai shida na farko gidan mai aka aske wa. Wasu na kashe inji da zarar mutum ya tashi, su tada in wani ya shigo; yana rage mai, amma igiya da fulogi ke biya.

Na biyu, kilifar caji guda biyu, a ce 25,000 kowace, da inji na awa biyu kacal bayan magariba, don haske da cajin ta gobe. Mai ya koma 26,000, gyara 3,000, a ware 4,000 a wata don sauya kilifa in batirinta ya mutu. Riba 144,000. Nan na fi daɗewa da yaron, saboda a nan ake cutuwa wajen saye. Kada ka yarda da awannin da aka rubuta a kwali. Ka cika ta, ka kunna, ka duba agogo. Ka tambaya ko ana samun bakinta da batirinta a kasuwa, don wata in ta lalace sai bola. In ta fara tsinkar gashi alhali an wasa bakin an sa mai, ko sautinta na sauka da ta shiga suma mai yawa, batir ne ya gaji. Zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana rage wa batir kwana, don haka ba a barin ta kan caji a rufaffen shagon kwano. Da hunturu kuwa ƙura ke dakushe baki, sai a riƙa goge ta da buroshi bayan kowane kai.

Aibin wannan zaɓi fanka ne. Da bazara babu wanda zai zauna a ɗaure masa ƙyalle a wuya ba iska, zai wuce shago na gaba. Dole a haɗa da fankar caji.

Na uku sola ce: faranti, batir, fanka da ƙwan fitila, a ce 350,000. Rana dai ba ma rasa ta a Sakkwato. Ta share 29,000 na inji, amma a ajiye 5,000 duk wata don sabon batir. Riba 168,000, ƙarin 24,000 kan zaɓi na biyu, sai ta maido kuɗinta cikin kamar wata 15. Wanda hayarsa ta shekara ɗaya ce, kuma bai san ko mai shago zai bar shi ba, ya tabbata za a iya kwance ta a tafi da ita. Farantin ma yana son shara duk sati da hunturu, in ba haka ba batir ba zai cika ba.

Abin da na ce wa yaron: ya sayi kilifar caji biyu, fankar caji, da kilifa mai waya guda ɗaya don ranakun jajibirin Sallah da layi ba ya yankewa. Inji ya nemi na hannu, amma makanike ya tada shi a gabansa. Daga cikin 52,000 da ya tsira da ita duk wata saboda bin zaɓi na biyu maimakon na farko, ya zuba 30,000 a adashi, shekara na zagayowa kuɗin sola sun haɗu.