Yawur na leda da kumburin ciki: abin da na gani a Damagaram

Madarar gari da ake damawa a shayi takan kumbura mini ciki, shi ya sa tun damina na koma shan yawur na leda wanda ake sayarwa a kantunan Zinder, kuma kumburin ya ragu ƙwarai ko da na sha leda biyu a jere.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa shi. Ana zuba wa madarar da aka dafa ƙwayoyin halitta iri biyu, Laktobasilus bulgarikus da Istireptokokus tamofilus, a bar ta da ɗumi wajen digiri 43 har ta yi tsami ta kama jiki. Waɗannan ƙwayoyi suna cinye wani kaso na laktos, wato sukarin madara, sannan idan sun isa hanji sinadarin laktes da ke jikinsu yana taimakawa wajen narkar da ragowar. Manya da yawa ba su da isasshen laktes na kansu, don haka sukarin yakan wuce babban hanji ya haifar da iska da ƙugin ciki. Wannan shi ne amfanin da ya fi tabbata. Amma zancen masu talla cewa yawur yana wanke ciki, ban yarda da shi ba, domin ƙwayoyin ba sa zama dindindin a hanji. Idan aka daina sha, cikin ƴan kwanaki sun fice.

Inda na rage masa maki shi ne ajiya. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kowane giram na yawur ya ƙunshi ƙwayoyi masu rai aƙalla miliyan 10, to amma hakan sai da sanyin firigo, wajen digiri 4. A zafin Afrilu, ga ɗaukewar wuta, na taɓa sayen leda a wani kanti na tarar ta cika tam da iska, ruwa ya rabu da kindirmon, tsamin kuma yana cizon harshe da ƙanshin ƙullun da ya kwana. Wannan alama ce cewa yis ya samu shiga yana fitar da iska, kuma zubarwa ya kamata a yi. Tun daga nan nake latsa ledar in ji sanyinta kafin in biya.

Wasu suna cewa koko ma yana da ƙwayoyi masu rai kamar yawur. Gasarar gero da ta kwana tana cike da ƙwayoyi masu sa tsami, sai dai tafasasshen ruwan da ake dama ta da shi yana kashe mafi yawansu. Ribar kokon ta wani wajen take: tsimawar tana rage sinadarin da ke hana jiki tsotsar ƙarfe daga gero. Hura da nonon da ba a sake dafawa ba ta fi kusa da yawur, muddin ruwan damun mai tsabta ne.

Ga wanda madara take damu, na ba da shawarar ya gwada. Yaro mai zawo kuwa, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki ne maganinsa na farko, yawur ba ya maye gurbinsu.