Gargaɗi ga ɗaliban lantarki a Zariya: ku guji mai sayar da rahoton lab

Assalamu alaikum. Ƙannena masu karatun lantarki a Samaru da sauran makarantun Zariya, akwai wani da ke shiga guruf-guruf na WhatsApp yana tallan rahoton lab na amfilifayar taransista, wai a shirye yake har da sashen tattaunawa. Sai ka tura kuɗi tukuna ya turo maka fayil, in ka nemi gyara ya toshe lambarka. Na karanta na mutum biyu daga rukuni daban-daban, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, har lambobin da wai an auna iri ɗaya ne.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar ƙaryar da ke cikin takardar ba. Ya rubuta cewa lissafi ya ba da ninkin sigina 253, awo ya ba da 250, ragowar kuma kuskuren ɗan Adam ne da bambancin beta. Duk malamin da ya san aikinsa, da ganin 250 ɗin nan zai gane ba a taɓa osiloskof ba.

Ga da'irar da ake magana: taransista BC547, wuta bolt 12, rasistocin da ke raba wuta ga bes kilo'om 47 da 10, ta kalekta kilo'om 4.7, ta emita kilo'om 1 da kafasita mai maikirofarad 10 a gefenta. Bes zai tsaya wajen bolt 2.1, emita wajen 1.4, wato karan ɗin emita mili'am 1.4. Daga nan:

```
re = 26 mV / 1.4 mA ≈ 18.6 Ω
|Av| = RC / re = 4700 / 18.6 ≈ 253
```

Ku duba da kyau, ina beta a cikin wannan lissafi? Babu. A irin wannan haɗi rasistar emita ce ke riƙe karan, don haka ko ka sauya taransista da wata mai beta daban, ninkin kaɗan zai motsa. Ɗora wa beta laifi alama ce ta wanda ya kwafo magana bai fahimce ta ba.

A kan teburin lab kuwa, da lodin kilo'om 10 a mafita da sigina mai kilohaz 1, abin da za ka gani bai wuce kusan 130 ba. Rabin lissafi kenan, kuma ba kuskure ka yi ba. Dalili na farko lodin ne. Ga sigina, rasistar kalekta da lodin kafaɗa da kafaɗa suke, sun haɗu sun koma kilo'om 3.2. Raba 3200 da 18.6, ninki ya sauko 172.

Dalili na biyu shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa. Lissafin farko ya ɗauka kafasitar emita ta buɗe wa sigina hanya sarai, alhali a kilohaz 1 mai maikirofarad 10 tana da turjiyar kusan om 16, dab da `re` kanta. Ba a tara su kai tsaye, sai a ninka kowace da kanta, a haɗa, a ɗauki tushe, ya ba da om 24.5. Raba 3200 da wannan, ka samu 131. To, ga awonka ya fito daga lissafi.

Kuma kana iya tabbatar da kowanne da hannunka, wanda shi ne abin da ke ba tattaunawa nauyi. Ɗaga siginar zuwa kilohaz 10, ko ka sa kafasita mai maikirofarad 100: in ninki ya haura wajen 170, kafasitar ce. Cire lodi a kilohaz 1, ya kamata ya tashi kusa da 190. Ɗan abin da ya rage, rasista mai zoben ruwan zinariya an yarje mata ta kauce da kashi 5 cikin ɗari, sai ka auna kowace da mita ka sake lissafi da ainihin ƙimarta. Ka kuma kiyaye kada siginar shiga ta wuce 'yan milibolt, domin in ta yi yawa saman igiyar da ƙasanta ba za su daidaita ba, awon ninkin ya ɓaci.

Mai tallan nan bai san rasistar da aka ba rukuninku ba, bai san firikwansin da kuka yi aiki da shi ba, ta yaya zai bayyana bambancin awonku? In malami ya tarar da takardu iri ɗaya, sunanka ne a kai, kai za a tuhuma da satar amsa, shi ko ya riga ya sauya layi.

Wanda ya riga ya biya, don Allah kada ya miƙa takardar. Ya adana shaidar tura kuɗin, ya sanar da wakilin aji a cire mutumin daga guruf, sannan ya roƙi ma'aikacin lab ya ba shi lokaci ya sake awo, ya rubuta bolt ɗin emita da firikwansi da ƙimar lodi kafin ya kwance da'irar.