Tokunbo ko ta hannu: wacce ta fi cin kuɗi a shekara 5?

A ƙaddara a Gusau an sa maka Corolla biyu a gaba, tokunbo a miliyan 12, ta hannu a miliyan 8. In bayan shekara 5 darajar kowacce ta ragu da kashi 30 cikin ɗari, tokunbo ta cinye miliyan 3.6, ta hannu 2.4. Tayoyi sawu biyu, juyen baƙin mai kowane kilomita 5,000, da inshorar dole ta ₦15,000 a shekara, duk kusan ɗaya ne.

Bambancin yana wurin bakanike. Ta hannu da ta sha hanyar Gusau zuwa Funtuwa takan nemi shokobza, in kuma tana hayaƙi shuɗi, inji na shan baƙin mai. Gyaran nan in ya haura miliyan 1.2, wato bambancin miliyan 3.6 da 2.4, arharta ta tashi a banza.